Gayyatar Taron Bidiyo: Saƙon da Zai Hana a Yi ta Kiran Sakatare

A watan Oktoban 2025 na kira taron ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai da layi biyu kacal. Na rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa: "Salam. Akwai taro daren Asabar bayan isha'i ta Zoom, kowa ya daure ya halarta." Na liƙa mahaɗin shiga a ƙasa, wanda yawancinmu ke kira linki, na ajiye waya ina ganin na gama aikina na sakatare. Ranar Juma'a wajen ƙarfe takwas da rabi na dare sai ga kiran wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya, yana cewa, "Malam Sakatare, ni fa ina nan zaune tun ɗazu, ban ga kowa ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai gobe." Ya ce, "Kai ka rubuta daren Asabar. To yau wane dare ne?" Na yi shiru, don gaskiyarsa ce. A lissafin da muka gada dare ne ke riga yini, shi ya sa idan an ce daren Juma'a ake nufin Alhamis da daddare.

Washegari ma ba a tsira ba. Mutumin Jidda ya idar da tasa isha'in tun mu a Kano ko magariba ba mu yi ba, ya jira har ya gaji. Kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya tafi a "Ana ji na?" da "Alhaji, ba ma jin ka." Ma'aji yana tsakiyar karanta lissafi taron ya yanke. Ni kuwa wayar da nake jagorantar taron da ita ce ake ta kira ana tambayar yadda ake shiga, duk kiran da ya shigo sai murya ta ɗauke.

Da na zauna na duba, babu ɗaya cikin waɗannan da ba daga saƙona ya samo asali ba. Duk tambayar da aka kira ni a kanta, layi ɗaya a cikin gayyatar ya isa ya amsa ta. Tun daga nan nake rubuta gayyata da mutum ɗaya a raina: wanda zai buɗe saƙon saura minti biyu a fara, a tsaye a ƙofar gida, da wayar da cajinta ya yi ƙasa, wataƙila kuma bai taɓa shiga irin wannan taro ba. Idan shi ya iya shiga ba tare da ya kira kowa ba, sauran ba su da matsala.

Ga yadda na rubuta ta taron da ya biyo baya. Lambobin da ke ciki na misali ne, ba su kai mutum ko'ina.

> Taron yanke shawara kan gyaran rufin azuzuwa biyu
>
> Rana: Asabar, 15 ga Nuwamba 2025
> Lokaci: 8:30 zuwa 9:00 na dare agogon Nijeriya da Nijar (minti 30)
> Kumasi da Manchester 7:30, Khartoum 9:30, Jidda 10:30
> Za a buɗe ƙofa 8:25
>
> Danna nan ka shiga:
> https://zoom.us/j/12345678901?pwd=xxxxxxxx
>
> Idan mahaɗin ya ƙi, buɗe Zoom, danna Join, ka sa:
> Meeting ID: 123 4567 8901
> Passcode: aB3xY9
>
> Ajanda
> 8:30 Addu'a da buɗewa, Shugaba (minti 3)
> 8:33 Nawa ke cikin asusu, Ma'aji (minti 7)
> 8:40 Zaɓen ɗaya cikin takardun farashi uku, kowa da kowa (minti 15)
> 8:55 Wa zai sa ido kan aikin, Shugaba (minti 5)
> Takardun farashin na nan a zaure, a karanta kafin taro.
>
> Yadda ake shiga
> Sauke Zoom tun da rana. Ba sai ka buɗe asusu ba.
> Rubuta cikakken sunanka, ka jira a shigar da kai.
> Danna Join Audio, ka zaɓi Wifi or Cellular Data.
> Bar makirfo a kashe sai za ka yi magana. Kyamara ba dole ba ce.
> Idan taro ya yanke, sake danna wannan mahaɗin.
> Mai matsala ya tura wa Mataimakin Sakatare saƙo, kada a kira Sakatare.

Yana da tsawo, na sani, kuma akwai wanda ya yi mini ba'a cewa na rubuta takardar kotu. Amma a lura da jerin: abin da mai sauri ke nema, wato lokaci da mahaɗi, yana can sama inda ido zai fara sauka. WhatsApp kan naɗe dogon saƙo ya bar mutum da Read more, don haka duk abin da aka tura ƙasa da yawa ba za su gan shi ba. Gaisuwa mai tsawo da kirarin manyan baƙi, in dole ne, a yi su a saƙo dabam.

Lokaci: agogon wa?

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne ya fi sauƙin gyara. A rubuta sunan rana, da kwanan wata, da sunan watan a cikin haruffa. Wanda ya rubuta 3/4 ya bar ƙofa a buɗe: a wurinmu 3 ga Afrilu ne, ɗan'uwanmu da ya daɗe a Amurka kuwa zai karanta 4 ga Maris. Sunan ranar ma yana da nasa amfani, domin idan an yi kuskure a kwanan wata, wani zai lura cewa 15 ga wata bai faɗo Lahadi ba, ya tambaya tun da wuri.

"Bayan isha'i" da "bayan la'asar" lokuta ne masu kyau ga mutanen unguwa ɗaya da ke bin liman ɗaya. Da zarar taro ya haɗa garuruwa, sai a koma ƙarfe kaza, a kuma faɗi agogon da ake nufi. Nijeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da GMT. Ghana tana kan GMT ɗin kanta, wato tana bayanmu da awa ɗaya. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Waɗannan ba sa canzawa duk shekara, mutum zai iya haddace su.

Birtaniya ce mai tarko. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu daidai yake da namu, daga nan sai su ja shi baya da awa ɗaya. A 2025 ranar 26 ga Oktoba aka yi wannan sauyi. Ke nan ɗan'uwanmu na Manchester da ya shiga taron tsakiyar Oktoba a kan agogo ɗaya da mu, idan ya ɗauka haka abin yake a Nuwamba, zai zo 8:30 nasa, ya tarar an shafa fatiha tun rabin awa da ta wuce. Shi ya sa na rubuta masa 7:30 ƙarara, ban bar masa lissafi ba. Wanda ya aika gayyata ta Google Calendar ko Outlook ya huta da wannan, domin kalandar kan juya wa kowa lokacin zuwa agogon na'urarsa. Sai dai mu da yawanmu kwafe rubutun muke yi mu liƙa a WhatsApp, shi kuwa rubutu ba ya juya komai, yadda aka rubuta shi haka zai isa Jidda.

Na kuma koyi duba sallar kowa kafin in tsayar da lokaci. Ƙarfe 8:30 a Kano an daɗe da idar da isha'i, a Kumasi kuwa 7:30 ne, mutum bai jima da fitowa daga masallaci ba. Da na matsar da taron baya da rabin awa don in sauƙaƙa wa na Jidda, da na jefa na Kumasi cikin sahu.

Tsawon taro da minti arba'in

Mutane na son sanin lokacin tashi kamar yadda suke son sanin na farawa. Mai shago zai san ko ya rufe ko ya bar yaro, uwa za ta san ko ta kwantar da yara tukuna, kowa kuma zai auna cajinsa da datarsa. Amma akwai dalili na biyu da ya fi wannan tsauri. Asusun Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, kuma yana ɗaukar mutum 100. Google Meet na kyauta yana ba taron mutum uku ko fiye minti 60, haka ma Microsoft Teams na kyauta. Wanda bai san wannan ba ya tsara ajandar awa biyu, to shi ne zai ga abin da na gani, ma'aji na cewa "jimilla ta kama naira..." sai allo ya yi ɗif.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, agogon nan ba ya jiran Shugaba ya yi bismilla. Tun da aka buɗe ɗaki aka fara shiga yake tafiya. Idan na buɗe 8:25, to 9:05 ne iyaka. Shi ya sa na ware minti biyar na farko don shiga da gaisawa, na ba taron kansa minti 30, na bar biyar a aljihu. Gaisuwar ma sai an yi mata gurbi, domin Bahaushe ba zai ga abokin da rabonsa da shi shekara goma ba ya wuce kai tsaye zuwa ajanda. In ba a ba ta wuri ba, za ta ci na ma'aji.

Idan batun ya fi ƙarfin minti 40 kuma ba za a biya kuɗin asusu ba, a faɗa tun a gayyata cewa zama biyu ne, za a yanke ƙarfe kaza, kowa ya sake danna mahaɗin nan. Taron da aka tsara tun farko yana sake buɗuwa da mahaɗinsa. Amma a sa yankewar ta faɗo tsakanin batu da batu, don duk lokacin da aka fita sai an rasa mutum biyu ko uku da ba za su dawo ba.

Mahaɗin kansa

Mahaɗin Zoom kashi biyu ne. Lambobin da ke bayan `/j/` su ne lambar taron, guda 10 ko 11. Abin da ke bayan `?pwd=` kuwa kalmar sirrin ce a lulluɓe, ita ke sa wanda ya danna ya wuce ba tare da an tambaye shi komai ba. Idan wajen kwafewa wutsiyar ta guntule, ko harafi ɗaya ne, sai manhajar ta tsaya tana neman Passcode. Duk wanda ya ce maka "yana tambaya ta wata lamba", to ka san mahaɗin da ya isa gare shi ba cikakke ba ne, ko kuma da hannu ya sa lambar taron. Abin da ke cikin wutsiyar ba shi ake rubutawa a gurbin ba, kalmar sirrin dabam take, gajeriya, kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami: `aB3xY9` ba ɗaya ba ne da `ab3xy9`. Don haka nake sa duka ukun a gayyata, mahaɗi da lamba da kalmar sirri. Mahaɗin kuma ya zauna a layinsa shi kaɗai, babu wata kalma manne da shi gaba ko baya.

Na Google Meet ya fi gajarta, haruffa goma ne a rukuni uku:

```
https://meet.google.com/abc-defg-hij
```

Ba shi da kalmar sirri. Wanda ba a sa imel ɗinsa cikin waɗanda aka gayyata ba yakan ga Ask to join, ya danna ya jira mai taro ya buɗe masa. Idan da Meet za a yi, wannan ne layin da ya kamata ya shiga bayanin shiga.

Wani kuskure da na ga sakatarori da yawa na yi shi ne danna New Meeting ranar Laraba don a samo mahaɗi, a kwafe, a rufe, a tura wa jama'a don taron Asabar. Lambar irin wannan taro na nan-take tana mutuwa da an rufe shi, ranar Asabar kowa sai ya ga an ce lambar ba ta aiki. Maɓallin da ake so shi ne Schedule, inda za a sa rana da lokaci. Akwai kuma Personal Meeting ID, lambar da ba ta canzawa, wadda take kamar zauren gidan mutum: duk wanda ya taɓa sanin hanya zai iya faɗowa ko yaushe. Ba na amfani da ita ga taron da za a yi maganar kuɗi.

Batun masu kutse ba tatsuniya ba ce. A 2020, lokacin kullen korona, abin ya yi yawa har hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a watan Maris kan mutanen da ke faɗawa azuzuwa da taruka suna watsa batsa da zagi. Mahaɗin da aka liƙa a fili, ko aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure, shi ne ƙofarsu. Maganin shi ne a kunna Waiting Room, inda kowa zai tsaya sai mai taro ya danna Admit. Wannan ne ya sa na ce a rubuta cikakken suna. Ranar taron Oktoba mutum huɗu na gani a bakin ƙofa da sunan wayoyinsu, biyu TECNO, ɗaya Infinix, ɗaya iPhone, ban san wanda zan buɗe wa ba. Ashe ɗaya daga cikinsu Shugaba ne da kansa, na bar shi tsaye minti shida.

Idan mutum ya danna Copy Invitation, manhajar kan ba shi dogon rubutu da Turanci, wani lokaci har da jerin lambobin wayar ƙasashen waje. Kada a tura shi yadda yake. A tsinci abu ukun nan a zubar da sauran, don kada wani ya ɗauka lambar Amurka ce hanyar shiga ya ƙone katinsa.

Ajandar da ke kai ga yanke shawara

Ajandar da muka saba gani ita ce: buɗewa da addu'a, jawabin Shugaba, batun makaranta, sauran batutuwa. Wannan jerin kanu ne kawai, bai gaya wa kowa abin da ake so a tashi da shi ba. "Batun makaranta" zai iya cin awa uku, kowa ya kawo tarihin zamaninsa da na hedimastan da ya yi masa bulala. "Zaɓen ɗaya cikin takardun farashi uku" kuwa yana da ƙarshe: an zaɓa ko ba a zaɓa ba. Kowane layi ya ɗauki abu uku, me za a yi, wa zai jagoranta, minti nawa. Sa sunan muƙami a gaban batu yana sa mai shi ya shirya, ma'ajinmu da ya ga an ba shi minti bakwai sai ya zo da lambobi uku a rubuce maimakon littafin rasit gaba ɗaya.

Na cire "sauran batutuwa" da gangan, kuma na sha suka a kai. A ganina, a taron da agogo ke bin sa da wuƙa, wannan layin rami ne. Mai wani batu ya turo kafin ranar a sa masa minti. Takardun da za a duba ma a tura su tun da kwana biyu, domin karanta ƙananan lambobi a allon waya yayin da wani ke nuna su daga nasa ɓangaren wahala ce, ga cin data.

Layukan da ke kashe "Ana ji na?"

Mafi yawan waɗanda ke cewa ba sa jin komai sun shiga taron lafiya lau, muryar ce ba su haɗa ba. A Zoom na waya shiga ɗaki dabam, haɗa murya dabam. Alamar ita ce, a kusurwar hagu ta ƙasa mutum zai ga Join Audio maimakon hoton makirfo, mai taro kuma zai ga sunansa babu alamar makirfo a gefe. Sai ya danna ya zaɓi Wifi or Cellular Data. Sunayen maɓallan nan nake rubuta su da Turancinsu yadda suke a allo, domin idan na fassara, dattijo zai yi ta neman kalmar da ba ta nan.

Kashe makirfo kuwa kowa ya san dalili, duk wanda ya taɓa jin kukan akuya ko ƙarar janareta a tsakiyar jawabin Shugaba. Abin da ba a cika sani ba shi ne amsa-kuwwa da ƙara mai huda kunne da ke tashi idan mutum biyu a ɗaki ɗaya suka shiga da wayoyi biyu, lasifikar wannan na zuba wa makirfon wancan. Su haɗu a waya ɗaya, ko ɗaya ya sa abin ji na kunne.

Layin "kyamara ba dole ba ce" ya fi kowanne jawo mana mahalarta. Bisa ƙiyasin da kamfanin Zoom ya bayar, taron bidiyo na jama'a yana son wajen megabit ɗaya a daƙiƙa wajen aikawa da kilobit 600 wajen karɓa. Idan aka buga lissafi, hakan ya kai kusan megabait 700 a awa. Murya zalla kuwa kilobit 60 zuwa 80 take so, wato ko an haɗa aikawa da karɓa ba ta kai megabait 100 a awa ba. Kashe kyamarar mutum yana rage kason aikawa ne kawai, don haka idan manyan masu magana ma suka kashe nasu, sauƙin ya fi yawa, kuma wanda ke inda sabis ke rawa ya fi samun jin magana ba yankewa. Akwai kuma matan ƙungiya da suka gaya mini cewa da ba sa shiga ne saboda ba sa son a ga cikin ɗakinsu da daddare. In za a naɗi taron, wannan ma a faɗa a gayyata, kada mutum ya ji sanarwa bagatatan bayan ya shiga.

Layin ƙarshe na sa shi ne don kaina. Mai jagorantar taro ba zai iya buɗe ƙofa, ya rubuta abin da aka tattauna, ya kuma amsa waya ba. A ba wani wannan aiki, a faɗi ko wane ne.

Na tura gayyatar ranar Talata. Ranar Alhamis na sa ƙanena, wanda ba ya cikin zauren, ya danna mahaɗin daga tasa wayar yana bin bayanin layi-layi, a nan muka gano na manta ban ce a sauke manhajar tun da rana ba, na ƙara. Ranar Asabar ƙarfe 7:30 na dare na sake tura saƙon gaba ɗaya, ban ce "a duba sama" ba, don a lokacin saƙonnin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure sun binne na farkon. Ƙarfe 8:24 sai ga dattijon nan a bakin ƙofa, shi ne na farko, da cikakken sunansa har da Alhaji. Na danna Admit. Ya ce, "Malam Sakatare, ana ji na?" Na ce, "Ana jin ka sarai, ranka ya daɗe."